Yadda ake gwada ainihin ƙarfin tsohon batir da kwan fitilar mota da mita

Duk wanda ya taɓa sayen batirin sola na hannu ya san yadda cinikin yake tafiya. Mai shago zai ɗora mitar awon wuta a kan batirin, ya juyo maka da fuskarta, ka ga bolt 12.7, ya ce maka lafiyarsa ƙalau. Lambar gaskiya ce, amma abin da take faɗa kawai shi ne batirin a cike yake. Ba ta faɗa maka girman cikinsa ba. Randa da moɗa duk suna iya cika har baki. Batirin da aka rubuta wa 100Ah a jiki, bayan ya yi shekara uku yana aiki cikin zafi, yana iya komawa mai ɗaukar 40Ah kacal, kuma idan aka yi masa caji zai nuna 12.7 ɗin nan kamar sabo.

Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya: ka cika shi, ka zuƙe wutar a hankali da abin da ka san yawan cinsa, kana duba agogo, har ya kai iyakar da aka ƙayyade. Na yi wannan gwajin a kan batura masu yawa, nawa da na mutane, kuma kayan da yake buƙata ba su wuce abin da za ka samu wurin mai gyaran wayar mota ba. Bayanin nan na batirin dalma ne mai bolt 12, irin na sola da inbata, mai ruwa ko rufaffe. Batirin lityam iyakarsa daban ce, kada ka ɗauki lambobin nan ka kai masa. Shi ma batirin tayar da mota ba a ƙera shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba, gwajin nan yana rage masa kwana.

Kayan aiki

- Mita mai nuna lamba, wadda take da wurin DCV 20 da ramin 10A. Ƙaramar nan ta kasuwa ta isa.
- Kwan fitilar gaban mota mai wat 55, da soket ɗinsa.
- Waya mai kaurin 2.5 mm², tsawonta kamar mita ɗaya da rabi, da maƙalai biyu masu baki irin na kada.
- Fiyus na mota mai 10A da gidansa.
- Makunni guda ɗaya mai ƙarfi, wanda zai ɗauki amfiya 10.
- Caja, ko na'urar solarka.
- Agogo mai ƙararrawa, takarda da biro.

Kafin komai, duba ƙaramin batirin 9V da ke cikin mitar. Idan ya yi sanyi mitar tana ƙara lamba, ta nuna maka bolt fiye da abin da yake akwai. Idan alamar batir ta fito a fuskarta, canza shi.

Ɗan abin da ya kamata ka fahimta

Ah ɗin da ke jikin batir yana nufin amfiya sau awa. Idan ka ja amfiya 5 na tsawon awa 20, ka fitar da 100Ah. Yawancin kamfanoni da wannan awon na awa ashirin suke rubuta ƙarfin batir, shi ne C20 da kake gani a jikin takardarsa, kuma suna tsayar da gwajin ne idan ya sauka zuwa bolt 10.5 yana cikin ɗaukar kaya. Dalilin 10.5 shi ne batirin ɗakuna shida ne a jere, kowanne ana barinsa ya sauka zuwa 1.75.

Abin da ya sa saurin zuƙar yake da muhimmanci shi ne batirin dalma ba ya ba da duk abin da ke cikinsa idan aka ja shi da ƙarfi. Lafiyayyen 100Ah idan ka ja masa amfiya 50 ba zai yi awa biyu ba, zai faɗi tun kafin nan. Don haka idan kana son ka yi wa batirin adalci, raba lambar jikinsa gida ashirin, ka nemi abin da yake cin kusan haka. Na 100Ah yana son amfiya 5, kwan mai wat 55 kuma yana cin kusan huɗu da rabi, sun dace ke nan. Na 200Ah sai ka haɗa kwan fitila biyu kafaɗa da kafaɗa, wato kowanne yana jan wuta kai tsaye daga kawunan batir, da nasa fiyus da makunnin, ka auna su ɗaya bayan ɗaya ka tara. Ƙaramin nan mai 7Ah kuwa, kwan mai wat 5 na fitilar lambar mota ya ishe shi. Wasu dogayen batura C10 ake rubuta musu, to su gida goma za ka raba.

Mataki na 1: Duba jikinsa

Ɗora shi a ƙasa mai tsabta ka zagaya shi da ido da hannu. Idan gefensa ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwa yana tsattsafowa a gindin kawunansa, an gama magana, kada ma ka yi masa caji. Idan mai ruwa ne, buɗe murafen ka leƙa: dole ruwan ya rufe farantan dalma a kowane ɗaki. Wanda ya yi ƙasa ka ƙara masa tataccen ruwan batir, iya abin da zai rufe farantan. Kada ka zuba ruwan rijiya ko na leda, kada kuma ka ƙara asid. Goge kawunan biyu da takardar yashi har su yi haske, domin tsatsa da farin garin nan suna ɓata awo.

Mataki na 2: Cika shi da gaske

A nan mutane suka fi yin kuskure. Sukan yi caji na awa uku, su ga lamba ta hau, su fara gwaji, sannan su yanke wa batirin hukuncin da bai cancanta ba. Batir yana hawa da sauri har kusan kashi tamanin cikin ɗari, ragowar kuwa a hankali yake shiga. Ka bar shi ya kai wajen bolt 14.4, ya zauna a nan wasu awanni har wutar da yake karɓa ta ragu sosai, ta koma kamar amfiya ɗaya ko biyu ga mai 100Ah. Idan da sola kake cajin, cire duk wani kaya daga kansa ka ba shi yini biyu cur na rana mai kyau.

A yi cajin a wuri mai iska. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan ya kusa cika, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ba taba, ba ashana a kusa. Taɓa gefensa lokaci-lokaci. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma idan ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, kashe cajar.

Mataki na 3: Bar shi ya huta

Cire caja ka bar shi ya kwana ba a haɗe da komai ba. Da zarar an cire caja zai nuna 13 da wani abu, amma wannan kumfa ce kawai, takan sauka da kanta. Da safe ka auna. Tsakanin 12.6 da 12.9 yana nuna ya cika kuma ya riƙe. Idan ka tarar da shi a 12.3 bayan cikakken caji, yana zubar da wuta ta ciki ko kuma ya ƙi karɓa. Idan ka ga wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, ba sai ka ɓata yininka da gwaji ba.

Mataki na 4: Haɗa wayoyin

Daga kan batir mai alamar + waya ta shiga fiyus, daga fiyus zuwa makunni, daga makunni zuwa kwan fitila, daga kwan ta dawo kan mai alamar −. Fiyus ɗin ya kasance dab da batirin, kada ya wuce taƙi ɗaya. Kada ka raina shi: ko tsohon batir idan wayoyinsa suka haɗu yana iya mayar da waya ja wur cikin ƙiftawar ido. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka.

Kwan mai wat 55 yana zafi ƙwarai. Rataye shi a iska, ko ka ɗora shi a kan bulo, nesa da tabarma da labule da hannun yara, kuma kamar taku biyu daga batirin. Kada ka riƙe gilashinsa da yatsu, maiƙon hannu yana sa ya mutu da wuri. Idan irin mai zare biyu ne a ciki, na doguwa da gajeriyar fitila, ɗaya kawai za ka kunna.

A feƙe ɗan wuri a wayar da ke kowane gefen makunnin, inda za ka iya maƙala bakin mita. Amfaninsa yana zuwa.

Mataki na 5: Koyi awo biyun kafin ka fara

Awon bolt mai sauƙi ne. Baƙar wayar mita a ramin COM, ja a ramin VΩmA, ka juya zuwa DCV 20, ka taɓa kawunan batirin kansu. Kada ka auna a wurin kwan, domin waya tana cin kaɗan a hanya, sai ka tsayar da gwaji kafin lokacinsa.

Awon amfiya shi ne mai buƙatar natsuwa. Dole wutar ta bi ta cikin mitar. Amma ƙananan mitocin nan ba sa jure amfiya mai yawa na dogon lokaci, yawancinsu an rubuta a gefen ramin 10A cewa daƙiƙa goma ko sha biyar kawai, don haka ba za ka bar ta a hanya yini guda ba. Akwai kuma wata matsalar: kwan da ya huce, a lokacin da aka kunna shi yakan fizgi wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci idan ya yi zafi, kuma wannan fizgar tana iya ƙona fiyus ɗin mita.

Ga dabarar da nake yi. Kwan yana ci, makunni a kunne. Sai in mayar da jar waya ramin 10A, in juya mita zuwa 10A, in maƙala bakunanta biyu a gefe da gefen makunnin, sannan in kashe makunnin. Kwan ba zai mutu ba, domin yanzu wutar ta cikin mita take bi. In karanta lambar cikin daƙiƙa biyar, in sake kunna makunnin, sannan in cire mitar. Ta haka fitilar ba ta taɓa ɗaukewa, ba ta kuma fizgar wuta ta cikin mita.

Da ka gama, nan take ka mayar da jar wayar ramin VΩmA. Wannan gargaɗin ya fi duk sauran. Idan ka manta da ita a ramin 10A ka je ka taɓa kawunan batir don awon bolt, daidai yake da ka haɗa kawunan da guntun ƙarfe, kuma wasu mitocin masu araha ba su da fiyus a wannan ramin. Ya taɓa faruwa da ni da dare, ina cikin gyangyaɗi. Bakin wayar ya narke ya manne da kan batirin, robar ta yi laushi a hannuna, mitar ba ta ƙara aiki ba. Tun daga ranar nake liƙa jan salatif a gefen ramin, kuma ba na fara gwaji sai da sassafe.

Mataki na 6: Fara zuƙa, ka riƙa rubutawa

Ja layi uku a takarda: lokaci, bolt, amfiya. Kunna makunni ka rubuta lokacin. Bayan minti biyar ka ɗauki awon farko. Za ka ga bolt ya sauko daga 12.7 zuwa wajen 12.4, wannan ba komai ba ne, haka batir yake idan ya ɗauki kaya. Daga nan sai awo kowace awa, bolt da farko, amfiya daga baya. Duk awon bolt ana yinsa ne fitila tana ci.

Saukar ba a tsaye ɗaya take ba. Awanni na farko a hankali take tafiya, har ka ɗauka batirin zai kai gobe. Idan ya zo wajen 11.3 sai ya fara gangara, kamar keke a kan tudu. Daga nan koma auna shi kowane rabin awa, idan ya kai 11.0 kuma kowane minti goma sha biyar, kada ka tashi daga wurin. Da ya taɓa 10.5 kashe makunni ka rubuta lokaci.

Bayan ka kashe za ka ga lambar ta sake hawa, ta kai 11.5 ko fiye. Kada ta ruɗe ka ka sake kunnawa. Gwaji ya ƙare.

Mataki na 7: Mayar da shi caji nan da nan

Kada ka bari ya kwana a zuƙe. Batirin dalma idan ya zauna ba wuta, wani farin gishiri yana taurara a jikin farantansa, ƙarfin da ya tafi ta nan kuma ba ya dawowa duka. Idan sola kawai gare ka, ka lura da wannan tun kafin ka fara: gwajin da aka fara da asuba yakan ƙare da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi. Ka tanadi caja da wutar da za ta ɗauke ta, ko kuma ka daidaita lokacin farawa yadda gwajin zai ƙare kusa da hantsi.

Mataki na 8: Lissafi

Ga wani batir rufaffe mai 100Ah da wani maƙwabcina ya kawo mini. An sayar masa da shi a kan cewa wata shida kawai ya yi aiki. Bayan caji da hutun dare ya nuna 12.7. Na kunna kwan da ƙarfe 6:00 na safe.

| Lokaci | Bolt | Amfiya |
|---|---|---|
| 6:05 | 12.4 | 4.6 |
| 7:00 | 12.3 | 4.6 |
| 8:00 | 12.2 | 4.5 |
| 9:00 | 12.1 | 4.5 |
| 10:00 | 12.0 | 4.5 |
| 11:00 | 11.9 | 4.5 |
| 12:00 | 11.8 | 4.4 |
| 1:00 | 11.7 | 4.4 |
| 2:00 | 11.5 | 4.4 |
| 3:00 | 11.3 | 4.3 |
| 4:00 | 11.0 | 4.3 |
| 4:30 | 10.8 | 4.2 |
| 4:45 | 10.5 | 4.2 |

Ka lura amfiyar ma tana raguwa a hankali yayin da bolt yake sauka, shi ya sa ba a dogara da awo ɗaya na farko. Lissafin tarawa ne kawai: amfiyar da ka rubuta a ƙarshen kowace awa ita ce Ah ɗin wannan awar. Daga ƙarfe 7:00 zuwa 4:00 awo goma ne, jimlarsu 44.4. Ragowar minti 45 kashi uku cikin huɗu ne na awa.

```
4.6 + (4.5 × 4) + (4.4 × 3) + (4.3 × 2) = 44.4
4.2 × 0.75 = 3.15
44.4 + 3.15 = 47.55 Ah
```

Wato batirin da aka biya kuɗinsa a matsayin 100Ah bai kai rabi ba. Akwai ɗan rangwame da ya kamata a yi masa. Tunda cikinsa ya ƙanƙance, amfiya huɗu da rabi ta zame masa ja mai ɗan ƙarfi, da an zuƙe shi da rabin haka da ya ɗan haura hamsin. Mitar ma tana iya kuskure da kashi biyu ko uku cikin ɗari. Duk wannan bai sauya hukuncin ba.

Maƙwabcin nawa abin da ya dame shi fanka ce, don haka na mayar masa da lissafin zuwa awanni. Matsakaicin bolt a gwajin wajen 11.8 ne, sau 47.5 ya ba da kusan wat-awa 560. A amfanin yau da kullum ba a son zuƙe batirin dalma fiye da rabi idan ana son ya daɗe, saura 280. Inbata ma tana cin nata, a ce kashi goma sha biyar cikin ɗari, saura kusan 240. Fanka mai wat 60 za ta yi awa huɗu ke nan. Ya ce lallai haka yake gani, yana kunna ta bayan sallar isha'i, zuwa tsakar dare hasken na'urarsa ya fara nuna batir ya yi ƙasa.

Yadda ake karanta sakamako

Masu ƙera batir suna ɗaukar kashi 80 cikin ɗari a matsayin ƙarshen rayuwarsa a aikin da ba ya son wasa. A gida ba dole ne a bi wannan ba. A ganina wanda ya ba da 80 ko fiye abin saye ne, wanda yake tsakanin 60 da 80 zai yi aiki idan an yi cinikinsa a kan abin da ya rage masa. Ƙasa da rabi kuwa ba na ba kowa shawarar ya sa kuɗinsa, domin daga nan lalacewar sauri take yi. Idan yana hannunka ne, mayar da shi kan ƙananan fitilu da cajin waya.

Yanayin saukar ma yana magana. Wanda ya sauka a hankali har ƙarshe, tsufa ne kawai ya rage shi. Amma idan yana 12.1 sai cikin 'yan mintuna ka gan shi a 10.2, ya kuma tsaya a nan, ɗaki ɗaya ne ya ƙare kafin sauran biyar. Bolt biyun da suka ɓace nasa ne. Irin wannan batirin ba ya gyaruwa da caji, ko da lissafin awanninsa ya yi kyau.

Batirin da ya daɗe a ajiye yakan ɗan farfaɗo. Idan gwajin farko ya ba da sakamako na tsaka-tsaki, yi masa cikakken caji ka maimaita sau ɗaya. Idan na biyu ya fi na farko, akwai sauran rai. Idan ya gaza shi, ƙasa yake yi. Kada ka mayar da gwajin al'adar kowane mako, kowace zuƙa zuwa 10.5 tana cin wani abu daga kwanansa. Zafi kuma yana ɗan ƙara lambar: kamfanoni a wajen digiri 25 suke awonsu, don haka gwajin da aka yi a zafin Afrilu zai ɗan fi wanda aka yi da sanyin hunturu.

Idan wani abu ya rasa

Ba ka samu kwan mai wat 55 ba? Ƙwan birki mai wat 21 guda uku, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, za su ci kusan amfiya biyar. Kada ka yi amfani da inbata da kayan gida a matsayin abin zuƙa, cinsu yana hawa yana sauka, inbatar kuma tana iya kashe kanta kafin a kai 10.5.

Ramin 10A na mitarka ya riga ya ƙone? Ari ta wani ka auna cin kwan sau ɗaya da cikakken batir, ka rage masa kamar 0.2, ka ninka da awannin da ya yi. A misalin da ya gabata 4.4 sau 10.75 ya ba da 47.3, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ba za ka iya zama yini guda ba? Yawancin na'urorin sola masu daidaita caji suna da wurin LOAD da ke yanke wuta da kansa idan batir ya yi ƙasa. Cire faifan sola daga jikinta, haɗa kwan a wurin, ka saita lambar yankewa kusa da 10.5 idan tana ba da dama. Wannan zai kare batirin idan ka makara, amma ba zai rubuta maka lokaci ba, dole wani ya kasance kusa ya ga sa'ar da fitilar ta mutu. A cire kwan da zarar ta mutu, domin idan bolt ya sake hawa wasu na'urorin suna mayar da wutar da kansu.

Idan batura biyu ne a jere suna ba da bolt 24, raba su ka gwada kowanne shi kaɗai, ka rubuta sakamakon da kwanan wata a jikinsa da alƙalamin maka. A jere mai rauni shi ne yake yanke wa ɗan'uwansa lokaci, kuma sau da yawa ɗaya ne kawai ya gaza. Idan tazararsu ta wuce kashi goma cikin ɗari, ba na mayar da su tare.